Darasi: Yadda Ake Adana Kalmar Sirri a Uwar Garke

Duk shafin intanet ko manhajar da ke tambayar mutum suna da kalmar sirri, akwai wata babbar kwamfuta a bayanta da ke yanke hukuncin ko a buɗe masa ko a hana shi. Ita ce uwar garke, wadda masu sana'ar ke kira saba. A cikinta akwai rumbun bayanai, a cikin rumbun kuma akwai jadawalin masu rajista: suna, imel, lambar waya, da wani gurbi da aka ware domin kalmar sirri. Wannan darasi a kan gurbin nan ɗaya yake. Me ya kamata a rubuta a cikinsa?

Za mu ɗauka tun daga farko cewa wata rana za a sace jadawalin. Hanyoyin satar suna da yawa: kuskure a cikin manhaja, tsohon kwafin ajiya da aka manta da shi a wani wuri, ma'aikacin da aka sallama ya tafi da fayil, ko kwamfutar tafi-da-gidanka da aka ɗauke daga mota. Katangar da ke hana ɓarawo shiga wani darasi ne daban. A nan ɓarawo ya riga ya shiga, jadawalin yana hannunsa, yana zaune a ɗakinsa ba mai hanzarta shi. Aikinku shi ne ku tabbatar abin da ya ɗauka bai ba shi kalmomin mutane ba. Dalili kuwa shi ne mutane da yawa kalma ɗaya suke amfani da ita a ko'ina, don haka wanda ya samu kalmar wani daga shafin makaranta zai je ya gwada ta a imel ɗinsa da asusunsa na kuɗi.

Ajiye kalmar yadda aka rubuta ta ba ya buƙatar dogon bayani. A shekarar 2009 an kutsa cikin kamfanin RockYou na Amurka aka kwashe kalmomin sirri kimanin miliyan 32, duk a fili. Da aka cire maimaici, sai aka samu jerin kalmomi sama da miliyan 14, wanda har yau yake yawo da sunan `rockyou.txt`, kuma shi ne abu na farko da masu fasa kalmar sirri ke gwadawa. Ku riƙe wannan adadi, za mu yi lissafi da shi nan gaba.

Me ya sa ba za a kulle ta kawai ba?

Wanda ya fahimci haɗarin ajiye kalma a fili, abin da ke fara zuwa masa shi ne ya kulle ta. Kullewa, wato inkirifshan, hanya ce ta juya rubutu ya zama tarkacen da ba ya karantuwa ta amfani da makulli, sannan a mayar da shi yadda yake da makullin. Kayan aiki ne mai kyau ƙwarai a muhallinsa. Da shi ake kare kalmar sirri a kan hanya tsakanin wayar mutum da uwar garke, kuma da shi ya dace a adana abin da dole wata rana a sake karanta shi, kamar lambar asusun banki da za a tura wa kuɗi.

Kalmar sirri ba ta cikin wannan rukuni. Uwar garke ba ta da wata buƙatar sake karanta kalmar mutum har abada. Abin da take buƙata kawai shi ne ta san ko abin da aka rubuta yanzu daidai yake da abin da aka rubuta ranar rajista. Idan kuka kulle kalmar, kun buɗe hanyar komawa da ba ku buƙata, kuma hanyar za ta yi wa duk wanda ya riƙi makulli aiki. Makullin kuwa ina yake? Dole ya kasance inda manhaja za ta iya ɗaukarsa a duk lokacin da wani ya zo shiga, wato galibi a cikin fayil ɗin saiti a kan uwar garken nan ɗaya. Wanda ya iya kwasar rumbun bayanai sau da yawa yana iya kwasar fayil ɗin. Da zarar ya same shi, kalmomin kowa sun buɗe lokaci guda, mai ƙarfi da mai rauni, ba tare da ya yi hasashe ko sau ɗaya ba. Haka kuma mai kula da uwar garken da kansa yana iya karanta kalmar kowa, kuma babu wanda ya cancanci a ɗora masa wannan amana.

Abin da ya faru da kamfanin Adobe a 2013 ya nuna cewa ko makullin bai fita ba, ana iya yin asara mai girma. An sace fayil mai bayanan rajista kimanin miliyan 150 aka baza shi a intanet. A kowane layi akwai imel, da kalmar sirri a kulle, da 'yar alamar tuni da mutum ya rubuta wa kansa don kada ya manta. An kulle kalmomin da tsarin 3DES a yanayin da ake kira ECB, duka da makulli ɗaya. Alamun tunin kuwa a fili aka bar su.

A yanayin ECB ana yanka rubutu gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa bayit 8, a kulle kowace ita kaɗai. Sakamakon haka, gunduwa iri ɗaya kullum tarkace iri ɗaya take bayarwa. Masu bincike ba su da makullin, amma sun iya jera fayil ɗin su ƙidaya. Sai suka ga wannan tarkace ya maimaitu a asusu kimanin miliyan 1.9:

```
110edf2294fb8bf4
```

Mutum miliyan 1.9 da kalma ɗaya. Saura a gano kalmar, kuma alamun tuni suka gama aikin: a cikin wannan taro akwai waɗanda suka rubuta cewa lambobi ne, akwai waɗanda suka ce daga ɗaya zuwa shida. Kalmar ita ce 123456. Abin takaicin shi ne wanda ya yi hattara bai rubuta alamar komai ba, shi ma an gano tasa, domin wani da bai taɓa sani ba a wata ƙasa ya tona ta. Tsawon tarkacen ma ya yi magana, domin gunduwa ɗaya tana nufin kalma gajera, biyu tana nufin ta kai haruffa takwas ko ta wuce. Mutum biyu da kalmominsu suka fara da haruffa takwas iri ɗaya, gunduwarsu ta farko ɗaya ce, ko da ƙarshen ya bambanta. Kamfanin ya bayyana cewa tsarin da aka kutsa tsohon tsarin ajiya ne da ake shirin rufewa, kuma sabon tsarinsu ba haka yake aiki ba. Ku lura da wannan ma, domin ɓarawo ba ya tambayar wanne ne sabo.

Wani zai ce ai kuskuren Adobe shi ne zaɓen ECB, da sun yi amfani da yanayi mafi kyau da maimaicin bai bayyana ba. Gaskiya ne. Amma da matsalar makulli tana nan daram, kuma ita ce babba.

Niƙa

Abin da ake buƙata shi ne hanya mai tafiya gaba kawai. Idan aka kai gero wurin mai niƙa, gari ake dawowa da shi, kuma ba wanda zai mayar da garin ya zama tsaba. Lissafin da ake kira hash haka yake: a ba shi rubutu kowane iri, ya fitar da jerin lambobi da haruffa mai tsawo ƙayyadadde, ba makulli, ba hanyar komawa. Rubutu iri ɗaya kullum sakamako iri ɗaya yake bayarwa, amma canza harafi ɗaya yana sauya sakamakon gaba ɗaya. Wanda ke da kwamfuta mai Linux yana iya gwadawa da tsarin SHA-1:

```
echo -n "123456" | sha1sum
7c4a8d09ca3762af61e59520943dc26494f8941b

echo -n "12345" | sha1sum
8cb2237d0679ca88db6464eac60da96345513964
```

Kada ku manta da `-n`. Idan babu shi, za a ƙara alamar sabon layi a ƙarshen rubutun, sakamakon kuma ya zama wani daban.

Yadda ake aiki da wannan shi ne: ranar rajista a niƙa kalmar, a ajiye sakamakon, a watsar da kalmar. Ranar shiga a niƙa abin da mutum ya rubuta, a gwada da abin da ke ajiye. Idan sun yi daidai a buɗe masa. Uwar garke ta tabbatar da mutum ba tare da ta riƙe kalmarsa ba.

To ɓarawo fa? Ba zai iya komawa baya ba, amma yana iya tafiya gaba kamar kowa. Zai ɗauki kalmar da yake zato, ya niƙa, ya duba ko sakamakon yana cikin jadawalin da ya sata. Wannan shi ne dukkan abin da ake nufi da fasa kalmar sirri: hasashe, niƙa, dubawa, sau biliyoyi. Daga nan kariyar ta koma kan tambaya biyu. Hasashe ɗaya mutum nawa yake kamawa? Kuma hasashe nawa ɓarawo zai iya yi a daƙiƙa ɗaya? Gishiri ne amsar ta farko.

Gishiri

A 2012 an baza sakamakon niƙa na kalmomin sirri kimanin miliyan 6.5 na shafin LinkedIn. Da SHA-1 aka niƙa su, ba tare da an haɗa da komai ba. A 2016 ta bayyana cewa satar ta fi haka girma nesa ba kusa ba, ta shafi asusu sama da miliyan 100. Duk wanda kalmarsa 123456 ce, abin da ke gurbinsa shi ne jerin nan da ya fara da `7c4a8d09`, daidai da wanda kuka gani a sama. Ɓarawo ya niƙa kalma sau ɗaya, ya kama duk masu ita a cikin miliyoyin. Ba ma sai ya niƙa da kansa ba, domin akwai manyan jadawalai da aka riga aka shirya, kowace sananniyar kalma da sakamakonta a gefe.

Gishiri wasu haruffa ne da na'ura ke zaɓowa ba tsari, sababbi ga kowane mutum, a haɗa su da kalmarsa kafin a niƙa. Mutum biyu masu kalma ɗaya za su samu gishiri daban, don haka sakamakonsu ya bambanta, kuma mai duba jadawalin ba zai san kalmarsu ɗaya ba. Jadawalan da aka shirya tun da wuri sun zama banza, domin ba wanda ya san gishirin kafin a ƙirƙire shi. Dabarar tsohuwa ce. Robert Morris da Ken Thompson sun bayyana ta a 1979 a rubutunsu kan kalmar sirri a tsarin Unix, inda gishirin ya kasance bit 12, wato kowace kalma tana iya fitowa ta fuska 4,096. A yau bayit 16 ake amfani da shi.

Akwai abin da ke rikita ɗalibai a nan kusan kullum: gishiri ba sirri ba ne. A gefen sakamakon niƙa ake ajiye shi, a fili, domin uwar garke tana buƙatarsa ranar da mutum ya dawo. Ɓarawo zai gan shi, kuma ba laifi. Amfaninsa shi ne ya tilasta wa ɓarawo ya yi wa kowane mutum aiki daban. Abin da ke lalata shi shi ne maimaici. Gishiri ɗaya ga kowa da kowa, wanda aka rubuta a cikin manhaja, yana mayar da ku halin da LinkedIn ya shiga: masu kalma ɗaya sakamakonsu ɗaya. Amfani da sunan mutum ko lambar wayarsa a matsayin gishiri shi ma rauni ne, domin ana iya saninsu tun kafin sata, kuma ba sa canzawa idan mutum ya canza kalma.

Lissafin da ke nuna gishiri bai isa ba

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wata ƙungiyar adashi tana da shafi mai mambobi 5,000, an sace jadawalinta. Ɓarawon yana da jerin RockYou mai kalmomi miliyan 14, da kwamfuta mai katin zane irin na masu wasannin bidiyo, samfurin RTX 4090, da manhajar fasa kalma mai suna hashcat wadda kyauta ake samunta. Irin wannan kati yana niƙa SHA-1 kimanin sau biliyan 50 a daƙiƙa ɗaya.

Idan babu gishiri, aikinsa niƙa miliyan 14 ne kawai, ya gama kafin ya ɗauke hannu daga madanni. Idan akwai gishiri, dole ya niƙa jerin duka ga kowane mamba: miliyan 14 sau 5,000, wato biliyan 70. Gishiri ya ninka masa aiki sau dubu biyar, amma a gudun katin nan aikin bai wuce 'yan daƙiƙu ba. Ko kalmar ba ta cikin jerin, gudun yana cim mata. Kalma mai gurbi takwas da aka haɗa daga ƙananan haruffan boko 26 da lambobi 10 tana da yiwuwa 36 sau kanta har takwas, kimanin biliyan 2,800, kuma katin zai ratsa su duka cikin kusan minti ɗaya ga mutum guda.

Matsalar ita ce MD5 da SHA-1 da SHA-256 an ƙera su ne don su yi sauri, domin aikinsu na asali shi ne tantance manyan fayiloli da sa hannu na lantarki. Sauya SHA-1 da SHA-256 ba ya magance komai a nan, gudun ne zai ragu kaɗan, har yanzu biliyoyi ne a daƙiƙa. Uwar garke sau ɗaya take niƙa idan mutum ya zo shiga, ɓarawo kuwa sau biliyoyi. Saboda haka duk jinkirin da aka ƙara, mai gaskiya da ƙyar zai ji shi, ɓarawo ne zai ɗauki nauyinsa.

A kan wannan tunani Niels Provos da David Mazières suka fito da bcrypt a 1999 domin tsarin OpenBSD. An gina shi da gangan ya yi nawa, kuma yana da lambar tsada da ake iya ɗagawa yayin da kwamfutoci ke ƙara ƙarfi. Duk ƙarin ɗaya a lambar yana ninka aikin sau biyu: tsada 12 ta ninka tsada 10 sau huɗu. A uwar garke ta yau da kullum, tsada 12 tana cin kimanin rubu'in daƙiƙa. Katin nan mai yin biliyan 50 kuwa, a tsada 12 abin da zai iya bai wuce kimanin 1,400 a daƙiƙa ba.

Mu sake lissafin. Jerin miliyan 14 ga mamba ɗaya yanzu zai ci daƙiƙa 10,000, kusan awa uku. Ga mambobi 5,000, sama da shekara ɗaya da rabi katin yana aiki dare da rana. Kalmar nan mai gurbi takwas da ta faɗi cikin minti ɗaya, ratsa dukkan yiwuwarta zai ɗauki sama da shekara 60.

Amma ɓarawo mai hankali ba zai bi jerin duka ba. Zai ɗauki kalmomi 1,000 da suka fi yawa a bakin mutane ya gwada su a kan kowa: hasashe miliyan 5, kimanin awa ɗaya. Duk mamban da kalmarsa 123456 ce ya faɗi a wannan awa, kuma babu tsarin niƙa da zai cece shi. Haka wanda ya sa lambar wayarsa, abin da ya zama ruwan dare a wurinmu. Lambar tana nan a layi ɗaya da sunansa a jadawalin, hasashe ɗaya ya isa. Ko ba ta nan, lamba mai farawa da 0803 saura gurbi bakwai ne, yiwuwa miliyan 10, kimanin awa biyu. Lambar sirri mai gurbi huɗu kuwa yiwuwarta 10,000 ce kacal, daƙiƙa bakwai. Wannan ce iyakar abin da niƙa mai nawa ke iyawa: yana kare kalma mai matsakaicin ƙarfi, yana ba ku lokacin sanar da mutane su canza, amma ba ya mayar da kalma mai rauni ta yi ƙarfi. Shi ya sa a shafin rajista ya kamata a ƙi karɓar kalmomin da ke cikin sanannun jeri, a ƙi lambar wayar mutum da sunansa, a kuma bar mutane su rubuta doguwar jimla idan suna so.

Bayan bcrypt an samu waɗanda ke ƙara wa ɓarawo wani nauyin. Colin Percival ya fito da scrypt a 2009, sannan Argon2 ya lashe gasar da aka shirya ta zaɓen tsarin niƙa kalmar sirri a 2015. Waɗannan ban da lokaci suna cin RAM mai yawa a kowane hasashe, abin da ke hana katin zane yin dubban hasashe a lokaci guda. Ga sabon aiki, nau'in Argon2id ne zaɓin farko, kuma ƙungiyar OWASP ta ba da mafi ƙarancin saiti na RAM 19 MiB da zagaye 2. Inda babu shi, bcrypt mai tsada 10 zuwa sama abin dogaro ne. A ganina tsakanin waɗannan biyu ba wurin dogon musu ba ne. Ramin da ke hallaka mutane yana tsakanin su biyun da MD5.

A aikace

Kada ku rubuta naku tsarin. Harsunan shirya manhaja sun riga sun tanadi wanda aka gwada. A PHP, ranar rajista layi ɗaya ne:

```php
$hash = password_hash($kalma, PASSWORD_BCRYPT, ['cost' => 12]);
```

Wannan layi shi ke ƙirƙirar gishiri, ya niƙa, ya haɗa komai a jeri ɗaya mai haruffa 60. Ga kamanninsa:

```
$2a$12$R9h/cIPz0gi.URNNX3kh2OPST9/PgBkqquzi.Ss7KIUgO2t0jWMUW
```

`2a` yana nuna bcrypt ne (PHP `2y` yake rubutawa), `12` ita ce tsada, haruffa 22 da ke biye su ne gishiri, sauran 31 kuma sakamakon niƙa. Ba a buƙatar wani gurbi daban domin gishiri. Ranar shiga:

```php
if (password_verify($kalma, $hash)) {
    if (password_needs_rehash($hash, PASSWORD_BCRYPT, ['cost' => 12])) {
        $hash = password_hash($kalma, PASSWORD_BCRYPT, ['cost' => 12]);
    }
}
```

`password_verify` yana karanta gishiri da tsada daga cikin jerin da ke ajiye, ya niƙa abin da aka rubuta da su, ya gwada. Layin tsakiya kuma yana duba ko an niƙa tsohon da tsada ƙasa da wadda kuke so yanzu. Idan haka ne, wannan ne lokacin da kalmar ke hannunku na ɗan lokaci, sai a sake niƙa ta a rubuta sabon a rumbun. Da haka ake ɗaga tsada a hankali ba tare da an dami kowa ba.

Kurakurai biyu suna yawan faruwa a ranar farko, kuma alamarsu ɗaya: rajista tana tafiya lafiya amma ba wanda ke iya shiga. Na farko shi ne mai shirya manhaja ya sake kiran `password_hash` ranar shiga ya gwada sakamakon biyu da kansa. Ba za su taɓa yin daidai ba, domin kowane kira sabon gishiri yake ɗauka. Na biyu shi ne gurbin rumbun ya yi gajere, misali an bar shi a haruffa 32 tun zamanin MD5, sai a datse jerin wajen ajiyewa. Ku ƙidaya abin da ke gurbin. Idan bai kai 60 ba, an datse. Ku ba gurbin haruffa 255 domin ya ɗauki Argon2id idan kun koma kansa.

Akwai kuma iyakar bcrypt da ya kamata ku sani: bayit 72 na farko kawai yake dubawa, abin da ya wuce nan ba ya cikin lissafi. Bayit ba harafi ba ne. A tsarin UTF-8 haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, kowanne bayit biyu yake ci, don haka doguwar jimlar Hausa tana isa iyakar kafin ta kai haruffa 72.

Idan kun gaji tsohon shafi mai MD5, kada ku jira kowa ya shigo kafin a gyara, domin wasu ba za su dawo ba har abada kuma nasu zai zauna a haka. Ku bi jadawalin duka yau, ku niƙa kowane tsohon sakamako da bcrypt, ku sa alama cewa wannan layi mai hawa biyu ne, sannan idan mutum ya shigo a maye shi da niƙa kai tsaye. Bayan haka ku goge tsohon gurbin, ku bi kwafin ajiya su ma. Shafin Ashley Madison da aka kutsa a 2015 yana amfani da bcrypt mai tsada 12, amma an bar wani tsohon gurbi da aka samar da MD5 daga kalmomin mutane, kuma ta nan masu bincike suka fasa sama da miliyan 11 cikin 'yan kwanaki.

Kalmar tana iya zubewa ta wata kafa ma ba ta rumbun ba. Manhajoji suna rubuta rajistar abin da ke gudana domin neman kuskure, kuma idan aka rubuta duk abin da mai shiga ya turo, kalmarsa ta shiga rajistar a fili. Facebook ya bayyana a 2019 cewa kalmomin ɗaruruwan miliyoyin mutane sun zauna a haka a cikin tsarinsa na ciki, kuma a 2024 hukumar kare bayanai ta ƙasar Ireland ta ci kamfanin Meta tarar Yuro miliyan 91 a kan lamarin. Gwajin mai sauƙi ne: ku yi rajista da wata kalma da ba za ta zo a ko'ina ba, sannan ku neme ta da `grep` a cikin fayilolin rajista da kwafin rumbun. Bai kamata ta bayyana ko sau ɗaya ba.

Wasu suna ƙara abin da ake kira barkono: wani sirri guda da ake ajiyewa a wajen rumbun, a haɗa shi cikin lissafin, ta yadda wanda ya saci rumbun kaɗai ba zai iya ko fara hasashe ba. Yana taimakawa, musamman ga gajerun lambobin sirri, amma ƙari ne a kan niƙa mai nawa, ba madadinsa ba, kuma idan ya ɓace muku ba wanda zai sake shiga sai an canza kalmar kowa.

Saura mantuwa. Tun da ba ku riƙe kalmar kowa ba, ba za ku iya tuna wa kowa tasa ba, kuma haka ya kamata. Wanda ya manta, a tura masa mahaɗi mai ɗauke da wata doguwar lamba da aka zaɓo ba tsari, wadda ke aiki sau ɗaya kuma ta mutu bayan ɗan lokaci, ya zaɓi sabuwar kalma da kansa. Wannan ya ba ku hanyar gane halin kowane shafi daga waje: idan kuka danna cewa kun manta, aka turo muku tsohuwar kalmarku a imel ko saƙon waya, to shafin a fili yake ajiye ta ko a kulle da makulli, kuma kada ku bar wannan kalma a kan wani asusu naku.

Aikin yi

1. Ku niƙa 123456 da `md5sum` ta hanyar da aka nuna a sama. Ya kamata ku samu `e10adc3949ba59abbe56e057f20f883e`. Ku saka wannan jeri a injin bincike na intanet, ku rubuta abin da kuka gani da abin da yake nufi ga shafin da ba ya sa gishiri.

2. Ku kira `password_hash` sau uku da kalma ɗaya. Ku raba kowane sakamako kashi huɗu kamar yadda aka yi a darasin, ku nuna sassan da suka canza da waɗanda ba su canza ba.

3. Ƙungiyar adashin ta ɗaga tsada daga 12 zuwa 14. Hasashe nawa katin zai yi a daƙiƙa yanzu, kuma awa nawa gwada kalmomi 1,000 a kan mambobi 5,000 zai ɗauka? Sannan ku lissafa tsawon lokacin da mamba zai jira wajen shiga, ku faɗi ko za ku amince da wannan saiti idan mutum ɗari suka zo shiga a minti ɗaya.

4. Shugaban ƙungiyar ya ce yana son ya riƙa ganin kalmomin mambobi domin ya taimaki tsofaffin da ke yawan mantawa. Ku rubuta masa amsa cikin sakin layi ɗaya, ku gaya masa abin da za ku gina masa a maimakon haka.